Hoton Cikin Gafaka da Garin da Ruwa Ya Ci

Hoton bai kai tafin hannu girma ba. Baƙi da fari ne, gefensa an yanka shi da ƙananan haƙora irin na hotunan da, kuma kusurwa ɗaya ta karye. A cikinsa saurayi ne da bai wuce shekara 18 ko 19 ba, sanye da taguwa da hula, ya ɗora hannu ɗaya a kan tarin buhuna. Bayansa akwai ruwa mai faɗi da kwalekwale biyu ko uku, sai wata rumfa da aka soke mata ƙaramar tuta. A bayan takardar akwai hatimin mai hoto da tawada ruwan malmo, amma gumi da shekaru sun cinye shi, haruffa uku kawai suka rage a ƙarshen layin ƙasa: CHI.

Wanda ya tsinci hoton ɗan saurayin ne, matashi ɗan Kano mai aiki a birnin Hambug na ƙasar Jamus. Ba za mu ambaci sunansa ba, domin maganar da hoton ya tono ta shafi iyali kuma ba a gama ta ba. Mahaifinsa ya rasu yana can, bai sami jana'iza ba. Da aka raba kayan mamaci, mahaifiyarsa ta aika masa da gafakar Alƙur'anin tsohon ta hannun wani mai zuwa, kuma a tsakanin fatar gafakar da allon kwalin da ke tokare ganyen ne hoton ya faɗo. Shi abin da ya sani game da mahaifinsa gajere ne: ɗan kasuwar goro ne a Mariri, ya yi aure da girmansa, ba shi da yawan magana. Bai taɓa ganin hotonsa yana yaro ba.

Da ya kira gida, amsa ta zo nan take. Baffansa ya ce ai Bauchi ce, domin marigayin ya taɓa yin fatauci ta can, tutar nan mai tauraro kuwa ta NEPU ce, gidansu dama gidan 'yan Sawaba ne. Magana ta yi ma'ana, kuma a nan yawancin irin wannan bincike yake mutuwa. Dattijo ya faɗi abin da ya fi kusa da zuciyarsa, yaro ya ji kunyar musu, sai a rufe littafi. A ganina girmama babba bai hana a sake duban takarda ba, kuma abin da matashin ya yi ke nan.

Aikin farko da ya yi shi ne na ido. Ya kai hoton inda ake da na'urar kwafe takardu mai kyau, ya sa aka ɗauke shi gaba da baya a ƙarfin ɗigo 1200 a kowane inci. Wannan ya fi ɗauka da waya nesa ba kusa ba, domin idan aka faɗaɗa hoton a allo, abin da bai kai ƙwayar gero ba a takarda yakan fito a gane shi. Idan za a aika wa wani ta WhatsApp, a aika a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ta zubar da ainihin ƙananan abubuwan da ake nema. Sa'ar da ya yi ita ce ba a taɓa liƙa wa hoton ledar nan da ake gasawa da zafi ba. Mutanenmu suna yi wa tsofaffin hotuna haka da nufin adanawa, amma zafin da gam ɗin suna lalata fuskar hoton, kuma ba a ɓare ledar sai da ɓarna.

Takardar kanta ta ba da shaida ta farko. Ta zare ce zalla, bayanta yana da ɗan kaushi kuma fensir yana kama shi. Takardar hoto mai santsi kamar roba gaba da baya ba ta fito ba sai ƙarshen shekarun 1960, ba ta kuma yaɗu ba sai shekarun 1970. Yankan gefe mai haƙora shi ma yayinsa ya ja baya bayan shekarun 1960. Waɗannan ba sa yanke shekara, don mai hoto a ƙaramin gari yana iya daɗewa yana aiki da tsohon kaya, amma sun dace da shekarun saurayin idan aka lissafa daga shekarun da marigayin ya rasu yana da su.

Da aka faɗaɗa tutar, sai maganar NEPU ta fara rawa. Tauraron yana nan, baƙi ƙirin, amma yana zaune ne a tsakiyar layuka uku a kwance, na tsakiya ya fi na sama da na ƙasa haske. Tutar Gana ke nan: ja, ruwan zinariya da kore, da baƙin tauraro a tsakiya. An fara ɗaga ta ranar 6 ga Maris 1957, ranar da ƙasar ta sami mulkin kai. Da wannan kaɗai ya sami abu biyu: ƙasa, da kuma shekarar da hoton ba zai riga ta ba.

Sai haruffan nan uku. Ya zauna ya jera garuruwan da sunansu ke ƙarewa da su a rubutun Turawa. A Nijeriya akwai Bauchi da Bichi da Auchi. A Gana akwai Wenchi da Enchi da Krachi. Zuciyarsa ta fara tafiya Wenchi, saboda gari ne da ke da tsohon zango kuma ya shahara a harkar goro, sana'ar mahaifinsa. Amma Wenchi ba ta bakin babban kogi. Enchi kuma tana can kudu maso yamma cikin kurmi, kusa da iyakar Kwaddebuwa, alhali bishiyoyin da ke ƙetaren ruwan cikin hoton tsilli-tsilli suke, irin na dajin da ba kurmi ba. Saura Krachi, wadda cikakken sunanta Kete Krachi, a bakin kogin Bolta.

Akwai tarko biyu a nan da ya kamata mai irin wannan aiki ya sani. Na farko, hatimi adireshin mai hoto yake nunawa, ba wurin da aka ɗauki hoto ba. Masu hoton zamanin suna yawo da akwatinsu kasuwa-kasuwa, musamman lokacin salla, don haka hatimin wani gari yana iya hawa hoton da aka ɗauka a ƙauye mai nisan yini guda. Na biyu, da yawa daga cikin koguna da benaye da jiragen sama da muke gani a bayan kakanninmu zane ne a jikin labule. Ana gane labule ta ƙasansa, inda yake naɗewa ya haɗu da tabarma ko daɓe, da kuma inuwar mutum da ke faɗawa a kan abin da ya kamata ya yi nisa. A wannan hoton inuwar saurayin da ta buhunan da ta rumfar duk gefe ɗaya suka kwanta a kan yashi, kwalekwalen kuma sun ɗan dushe kamar yadda abu mai nisa yake yi. Kogin gaske ne.

Ya shiga Google Earth ya nemo Kete Krachi, sai ya rikice. Babu kogi a wurin. Garin yana kan wani harshen ƙasa da ruwa ya kewaye ta gefe uku, ruwan kuma faɗinsa ya wuce a hango ƙetarensa yadda ake hangowa a hoton. Ya kusa soke sunan garin daga jerinsa. Kuskuren da ya kusa yi shi ne auna tsohon hoto da taswirar yau, kuma wanda ya fitar da shi wani dattijo ne Bahaushen Gana da suke haɗuwa a masallacin Juma'a. Hambug tana da 'yan Gana da yawa, kuma a cikinsu akwai 'yan zango masu jin Hausa tun daga nono. Dattijon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Yaro, wannan gishirin Ada ne a bakin ruwan tsohon gari. Wurin nan ba ya nan yanzu."

Don a gane maganarsa sai an koma baya. Ɗaruruwan shekaru fataken Hausa suna tafiya Gwanja sayen goro, babbar kasuwarsu kuma ita ce Salaga. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a can, kasuwar ta watse, fatake da malamai suka bazu. Da yawansu suka sauka kudu zuwa Kete, zangon baƙi da ke gefen garin Krachi, inda gishirin da ake haƙowa a Ada, can bakin teku, yake hawowa ta kogi cikin kwalekwale kafin a ɗora shi zuwa arewa. A cikin waɗanda suka koma akwai Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, mawaƙi kuma marubuci da Larabci da Hausa, wanda ya zama limamin Kete ya kuma rasu a can a 1934. Jamusawa sun kafa barikinsu a garin a 1894, a matsayin yanki na Togo. Ɗaya daga cikin jami'ansu, Adam Mischlich, ya zauna da Alhaji Umaru ya karɓi rubuce-rubucen Hausa daga hannunsa, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Matashin da ke zaune a Jamus ya ji wani iri da ya gane cewa ƙasar da ya je neman abinci ta taɓa mulkin garin da mahaifinsa ya yi samartaka. Bayan yaƙin duniya na ɗaya yankin ya koma hannun Ingila, sannan ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1956 ta haɗe shi da Gana.

Ƙarshen tsohon garin ya zo ne daga nesa. A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar ruwa a Akosombo, can kudu, don samar da lantarki, musamman ga masana'antar narka sanholo da ke Tema. A 1964 aka tare kogin, ruwa ya fara taruwa yana komawa baya, aka gama aikin a 1965. Tafkin da ya samu ya kai kusan murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi faɗin tafkunan da ɗan'adam ya yi a duniya. Kimanin mutum 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700 aka tasa, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Kete Krachi ita ce gari mafi girma da abin ya shafa. Hukumar kogin ta ba iyalai gida mai ɗaki ɗaya da rufin kwano, da nufin kowa ya ƙarasa sauran da kansa, kuma mai gida babba da mata da 'ya'ya da almajirai ya san abin da ɗaki ɗaya yake nufi. Mutane da yawa ba su zauna ba.

Yanzu hoton ya sami iyaka ta biyu. Ba a ɗauke shi kafin Maris 1957 ba saboda tuta, ba a kuma ɗauke shi bayan ruwa ya rufe mashigin ba, wato tsakiyar shekarun 1960. Abin da aka fara da shi a matsayin "wani wuri, wani lokaci" ya koma gari ɗaya da 'yan shekaru bakwai ko takwas. Matashin ya nemo taswirorin da aka zana kafin madatsar, ya ga kogin siriri yana bi ta gefen garin kamar yadda hoton ya nuna. Ya duba tsofaffin hotunan da 'yan mishan na Basel suka tara, waɗanda aka ɗora a intanet, da na ƙungiyar mulkin mallakar Jamus da ke ajiye a jami'ar Frankfurt. Sun nuna masa kamannin ƙasar, amma bai sami wanda ya yi daidai da wurin da mahaifinsa ya tsaya ba. Takarda ta kai iyakarta. Ta faɗi ina da yaushe, ba za ta faɗi me ya kai ɗan Kano can ba, ko me ya sa ya yi shekara hamsin bai ambaci sunan garin ba.

Sai ya ɗauki hutu ya tafi. Daga Accra mota ce zuwa Dambai, hedikwatar sabuwar jihar Oti, inda ake shiga jirgin fito a ƙetare reshen tafkin, sannan a sake hawa mota zuwa Krachi. Dattijon Hambug ya riga ya yi masa hanya ta waya, kuma wannan ya fi duk wata taswira amfani. Baƙo ba ya shiga zango yana nuna hoto ƙofa-ƙofa. Sarkin zango ake fara gaidawa, a kai goro, a faɗi ɗan wane ne kai da abin da ya kawo ka, shi ne zai haɗa ka da liman da tsofaffin da suka san tsohon gari. Ya buga hoton da girma kwafi da yawa, domin idon tsoho ba ya aiki da allon waya, ya kuma bar na ainihi a gida.

Ya yi wata dabara da ta cancanci a koya. Bai faɗi sunan mahaifinsa ga tsofaffin ba tun farko, kuma ya roƙi a bar shi ya gana da su ɗaya bayan ɗaya. Mutanenmu suna da kara. Idan maraya ya zo daga Turai da hoton ubansa yana tambaya ko an san shi, da wuya a rasa wanda zai ce ya san shi, ba don ƙarya ba, don kada a mai da shi hannu rabbana. Idan kuma an tara su wuri ɗaya, abin da babba ya faɗa shi sauran za su bi. Shaidar da ake iya dogara da ita ita ce wadda mutum ya kawo abin da ba a gaya masa ba.

Yawancin waɗanda ya gani sun gane wurin amma ba su gane mutumin ba. Sun nuna masa rumfar suka ce nan ake awon gishiri, suka kwatanta inda masallaci yake daga nan da inda hanyar kasuwa ta bi. Mutum biyu ne suka wuce haka. Wani tsoho da ya yi dako a bakin ruwa yana yaro ya ce wannan ɗaya ne daga cikin almajiran da wani malami ya zo da su daga Kano, suna karatu da dare suna dako da rana, ya kuma ambaci unguwar da malamin ya fito. Unguwar kakannin matashin ce, kuma bai faɗa wa kowa ba. Washegari wata tsohuwa, a wani gida dabam, ta kalli hoton ta kira saurayin da wani laƙabi. Matashin ya san laƙabin. Ya taɓa jin wata gwaggonsa, ita kaɗai, tana kiran mahaifinsa da shi, kuma tsohon ba ya so.

Ya nemi a kai shi wurin. Wani masunci ya ɗauke shi a kwalekwale mai inji, suna kauce wa kututturan bishiyoyin da ruwan ya shanye tun wancan lokaci, waɗanda har yau suke fasa jirage a tafkin. Ruwan yana yin ƙasa sosai wajen Yuni da Yuli kafin ruwan damina ya sauko daga arewa, ya cika wajen Oktoba da Nuwamba, kuma masu son ganin abin da ya rage na tsohon gari lokacin ƙasan suke zuwa. A gefen tudu akwai ragowar gine-ginen barikin Jamusawa. Mashigin gishirin kuwa yana can ƙasa, masuncin ya kashe inji a wani wuri ya ce a ƙiyasinsa nan ne. Matashin ya yi wa mahaifinsa addu'a, ya haɗa da mutanen da kaburburansu ke ƙarƙashin wurin.

Game da shirun mahaifin, abin da aka iya haɗawa kaɗan ne, kuma matashin yana faɗinsa da taka tsantsan. Tsohon ɗan dakon ya ce bayan tashin gari almajiran sun watse, shi wannan ya bi motocin goro ya yi kudu wajen Kumasi. Idan haka ne, to ya faɗa cikin abin da ya biyo baya. A Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya nemo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Dubun dubatar mutane suka fita, 'yan Nijeriya da 'yan Nijar da na sauran maƙwabta, wasunsu a Gana aka haife su, suka bar rumfuna da gidaje da bashin da suke bi. Baffan, da aka matsa masa, ya tuna cewa yayansa ya dawo gida ana dab da gama yaƙin basasa, a bayan babbar mota, ba shi da komai sai gafaka da tabarma. Yaƙin ya ƙare a Janairu 1970, don haka lokutan sun haɗu. Mutumin da ruwa ya kora daga gari ɗaya, hukuma ta kore shi daga na biyu, duk kafin ya cika shekara 30, ba abin mamaki ba ne idan ya ƙi buɗe wannan babin ga 'ya'yansa. Wannan fahimtar ɗansa ce, ni ma na karkata gare ta, amma marigayin bai faɗa ba.

Tsohuwar ce ta ƙara maganar da ta hana matashin barci. Da zai tafi ta riƙe hannunsa ta ce: "Ɗana, ka nemi 'yar'uwarka?" A cewarta, saurayin ya auri wata yarinyar zango kafin tashin gari, an kuma yi suna, sannan iyayen yarinyar suka koma ɗaya daga cikin sababbin matsugunan da ke wancan gefen tafkin. Ba ta san ko auren ya mutu ba, ba ta san ko jaririyar ta rayu ba. Tsohon ɗan dakon ya ce shi bai san da aure ba. Shaida ɗaya ce, ta mace mai shekara sama da 80, a kan abin da ya faru shekara 60 da suka wuce. Amma ita ce dai ta kawo laƙabin da babu wanda ya gaya mata.

Wannan ya fitar da maganar daga hannun matashin shi kaɗai. Idan akwai 'ya kuma tana raye lokacin da mahaifin ya rasu, tana da rabo a gado kamar kowace 'ya, nisan ƙasa da tsawon shekaru ba sa soke shi. Ya kira Kano ya faɗa wa baffansa da yayyensa. Wasu sun ji haushi, suka ce ya tafi yawon tono abin da mai shi ya binne. Mahaifiyarsa ce ta ce a bincika, domin ba ta so a ci haƙƙin kowa a gidan da ta zauna. An dakatar da sayar da gidan marigayin na cikin gari. Sarkin zangon Krachi ya karɓi kwafin hoton ya aika wa takwarorinsa na matsugunan ƙetare, da sunan mahaifin yarinyar kamar yadda tsohuwar ta tuna shi. Matashin ya koma bakin aikinsa a Hambug, kuma baffan ya ce idan amsa ta zo, shi da kansa zai je.